Yadda Ake Jawabin Maraba da Gabatar da Abinci a Liyafar Sallah ta Dangi

A gidanmu da ke Kano, washegarin Babbar Sallah ne dangi suke haɗuwa su ci abincin dare tare, bayan waɗanda suka tafi kallon Hawan Daushe sun dawo kuma an idar da sallar Magariba. Shekaru da yawa mahaifinmu ne yake buɗe zaman da 'yan kalmomi, amma da girma ya kama shi, muryarsa ta yi ƙasa, sai aikin ya dawo kaina a matsayina na babban ɗansa. A shekarar farko na yi magana ta kusan minti 10, na gaishe da kowa da sunansa, na kawo tarihin gidan, kuma kafin in kai ga cewa bisimilla kitsen rago ya riga ya yi fari a saman farfesun da ƙanwata ta wuni tana dafawa. Babu wanda ya ce mini komai a wurin, amma na ga yadda aka mayar da kwanon madafi domin a sake ɗumama shi, kuma daga ranar na fara ɗaukar wannan ɗan jawabin a matsayin aiki mai ƙa'ida wanda ake shirya masa tun da rana.

Abin da jawabin yake yi guda ɗaya ne, wato ya cire wa baƙo kunya da shakka kafin ya miƙa hannu. Baƙon da ya zauna gaban kuloli 6 ko 7 a rufe, a gidan surukai ko a gidan da bai saba da shi ba, ba zai buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa ba, kuma ba zai tambayi abin da aka zuba a miya ba, domin tarbiyyarmu ba ta yarda da haka ba. Saboda haka sai ya ɗebi abin da ya fi kusa da shi ya yi shiru, ko da kuwa abin nan yana cutar da shi, ko kuma an yi wani abincin musamman saboda shi yana can gefe bai sani ba. Mai masaukin baƙi shi ne kaɗai yake da damar faɗin waɗannan abubuwa ba tare da kowa ya ji nauyi ba, kuma damar tasa tana ƙarewa da zarar an fara ci, domin wanda ya ci gaba da yabon abinci da loma a hannunsa santi za a ce yana yi.

Aikin yana farawa ne a madafi, tun da la'asar, ba a gaban baƙi ba. Ka je wurin waɗanda suka yi girkin da takarda da alƙalami, ka nemi su faɗa maka kowane abinci da za a fito da shi, sa'an nan a kan kowanne ka tambayi abu 3: da wace miya ko wane mahaɗi ake cin sa, mene ne a cikinsa wanda ido ba ya gani, kuma hannun wa ya yi shi. Tambaya ta biyu ita ce mafi nauyi, kuma ita ce maza suka fi tsallakewa. Miyar taushe, alal misali, kabewa da alayyafo ake gani a cikinta, amma markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce take ba ta kauri, kuma akwai mutanen da gyaɗa take tayar musu da ƙaiƙayi ko kumburi, wasu ma har numfashinsu ya sarƙe. Yajin da ake barbaɗa wa nama sau da yawa da ƙuli-ƙuli aka daka shi, wato shi ma gyaɗa ne. Funkaso da alkubus na alkama ne, waina da sinasir kuwa na shinkafa ne, kuma wanda likita ya hana shi ɗaya daga cikinsu yana buƙatar ya san bambancin. Kunun aya da aka markaɗa da dabino yana da zaƙi sosai ko ba a sa masa sukari ba, don haka idan aka ce maka «ba sukari a ciki», ka ƙara tambaya ko akwai dabino. Ka tambayi kuma wace miya ce aka cika wa attaruhu, wace ce aka sassauta, domin a kowane taron dangi ba a rasa mai gyambon ciki ko tsohon da yaji yake hana shi barci.

Idan ka gama da wannan, sai ka roƙi masu jera abincin su jera shi a kan ledar cin abinci ko tebur bisa tsarin da za ka ambace shi, daga damanka zuwa hagunka, kowane tuwo kusa da miyarsa. Wannan ƙaramin abu ne amma shi yake hana ruɗewa, domin idan kana cewa «ga waina» alhali kular da ka nuna ta dambu ce, sai an yi ta buɗe murafe ana rufewa, tururi yana fita, kai kuma zaren maganarka ya tsinke. Ni nakan sa abin da ya fi saurin lalacewa idan ya huce a farkon layi. Farfesun kayan ciki ko na kai da ƙafa shi ne na farko, saboda kitsen rago yana saurin daskarewa, kuma idan ya daskare yakan liƙe a dasashi ya ɓata ɗanɗanon duk abin da za a ci bayansa. Waina da funkaso suna biye, domin da zafinsu suke da laushi. Tuwon shinkafa da aka naɗe malmala-malmala a kula yana iya jira, haka dambu da soyayyen nama, abin sha kuwa shi ne na ƙarshe. Kada a buɗe ko ɗaya sai ka zo kansa, kuma ya fi kyau ka sa wani yaro mai natsuwa ya tsuguna kusa da kulolin, ya ɗaga murfin wanda ka ambata, ya bari a gani, ya mayar.

Mataki na gaba shi ne lissafin waɗanda za su zauna, kuma a nan ne ake yawan yin kuskuren da yake daɗewa a zukata. Kada ka yi niyyar kiran kowa da sunansa. A taron mutum 25 babu makawa za ka manta da ɗaya, kuma wanda ka manta ba zai tuna mutum 24 da ka ambata ba, kansa kaɗai zai tuna. Abin da ya fi aminci shi ne ka gaishe da mutane rukuni-rukuni bisa girma: iyaye da kakanni, sai malamai idan akwai, sai surukai, sai waɗanda suka taso daga nesa, sai 'yan'uwa da maƙwabta, sai yara. Mutum 2 ko 3 kawai za ka keɓe, kuma su ma da laƙabinsu na girmamawa, kamar Baba, Kawu, Baffa, Malam ko Alhaji, tare da dalilin da kowa zai yarda da shi, wato wanda ya fi kowa shekaru, wanda ya fi kowa nisan tafiya, da wanda yau ne zuwansa na farko. Duk wanda ya girme ka da «ku» za ka yi masa magana. Idan mahaifinka ko wani wansa yana zaune a wurin, to gidan nasa ne ko da kai ka sayi ragon, saboda haka ka same shi tun kafin a zauna ka nemi izininsa, kuma ka buɗe jawabin da nuna cewa da yawunsa kake magana.

Haka kuma ka sami wanda zai yi addu'a tun da wuri, ka gaya masa a asirce cewa abinci yana ƙasa, gajeriyar addu'a ake so a farko, doguwar kuma sai an wanke hannu. Malamai sun fi kowa sanin hadisin da ya ce idan an ajiye abincin dare kuma aka tayar da salla a fara da abincin, don haka babu malamin da zai ji haushin wannan roƙo idan an yi shi cikin ladabi. Abin da yake jawo matsala shi ne a jefa wa mutum addu'a ba zato, sai ya ga ya kamata ya cika ta, ya bi dangi gida-gida.

Game da tsawo kuwa, iyakata minti 3 ce, daga sallama zuwa bisimilla. Da na gwada da agogo a ɗakina, na ga cewa idan ina magana a natse, ba gaggawa, abin da nake iya faɗa a wannan lokaci bai wuce kalmomi 300 zuwa 350 ba. Na raba su haka: kusan kashi ɗaya cikin uku ga godiya da maraba, fiye da rabi ga abincin, ragowar kuma ga rufewa. Idan abinci kala 7 ne, to kowanne jimla ɗaya ko biyu zai samu, ba ƙari. Ka rubuta jawabin gaba ɗaya sau ɗaya domin ka ga tsawonsa, ka karanta shi da ƙarfi sau 2 ko 3, sa'an nan ka ajiye takardar. Wanda ya tsaya gaban kawunansa yana karanta musu maraba daga takarda ko daga waya ya mayar da zumunci taron ofis. Kulolin da aka jera su ne takardarka, domin kowace ka kalla za ta tuna maka abin da za ka ce.

Bari in kawo jawabin da na yi a wata Sallah da ta wuce, domin a ga yadda waɗannan abubuwa suke haɗuwa. A daren muna da mutum kusan 25 a ɓangaren maza, a tsakar gida, a kan tabarmi. Akwai mahaifinmu, da ƙanin mahaifiyarmu wanda ya taso daga Maraɗi, da limamin masallacin unguwa, da mahaifin mijin ƙanwata tare da 'ya'yansa maza 2, waɗanda wannan ne karon farko da suka ci abinci a gidanmu tun bayan ɗaurin aure, da kuma wani abokin aikina mutumin Ibadan wanda bai je gida Sallah ba. Ban miƙe tsaye ba, domin tsayuwa a kan dattawan da suke zaune a tabarma ba ladabi ba ne. Na durƙusa a gefen kulolin, na fuskanci mahaifinmu, na ce:

«Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba ya umarce ni in yi muku maraba a madadinsa da kuma madadin mutanen gidan nan baki ɗaya. Muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan Sallah lafiya, muna roƙonsa ya karɓi layyarmu, ya jiƙan magabatanmu da muka saba zama da su a wannan wuri. Iyayenmu da malamanmu, sannunku da zuwa, mun gode da kuka tako. Kawu, kun sha hanya daga Maraɗi, Allah ya huta gajiya. Surukanmu, yau ne farkon zamanku a wannan tabarma, muna fata ba zai zama na ƙarshe ba, gidan nan gidanku ne. 'Yan'uwa, maƙwabta da yaranmu, barkanmu da Sallah.

«Ga ɗan abin da aka tanada. Wannan na farko farfesun kayan cikin ragon layya ne, yana da yaji sosai, kuma da zafinsa yake da daɗi, don haka a fara da shi. Kusa da shi waina ce da funkaso, wainar ta shinkafa, funkason na alkama, dukansu da miyar taushen nan ake ci, kuma miyar akwai gyaɗa a cikinta. Wannan tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa busasshiya, ba gyaɗa, yajinta kaɗan ne, ga man shanu a gefe ga mai so. Miyar hannun Hajiya ce da kanta, irin wadda Kawu ya sani tun suna yara. Ga dambun shinkafa da zogale, an sa masa gyaɗa shi ma. Ga soyayyen nama, yajinsa yana cikin wancan ɗan kwanon daban, na ƙuli ne. Abin sha kuwa, jan jug ɗin zoɓo ne da sukari, farin jug ɗin kuma zoɓo ne ba sukari, ga kuma kunun aya da dabino. Iyayenmu mata da ƙannenmu da matan gidan nan tun asuba suke tsaye a kan wannan aiki, Allah ya saka musu da alheri.

«Akwai ƙari a ciki, kada kowa ya ji nauyi. Malam zai yi mana addu'a, sa'an nan bisimilla.»

Wannan bai kai minti 3 cikakku ba, kuma kowace jimla a cikinsa akwai dalilin sa ta. Ambaton magabata jimla ɗaya na ba shi, ban kira sunan kowa ba, domin a shekarar ba a daɗe da rasuwar wata gwaggonmu ba, kuma na san idan na tsaya a kanta za a fara share hawaye a gaban abinci. Wurin wannan shi ne doguwar addu'ar bayan an ci. Na ce «ɗan abin da aka tanada» duk da cewa kala 7 ne, saboda Bahaushe ba ya kambama abin da ya ba baƙo, amma ban wuce nan na shiga ba da haƙuri ba. Akwai masu cewa «ku yi haƙuri, ba a samu yadda ake so ba, miyar ma ba ta yi daɗi ba», suna ganin tawali'u ne, alhali matar da ta yi miyar tana jin su daga bayan labule, kuma baƙo ya shiga neman aibin da ba don an faɗa ba da bai lura da shi ba. Haka kuma ban ambaci kuɗin rago ko tsadar kayan miya ba, ko da wasa, domin wanda aka gaya wa farashin loma ba zai iya haɗiye ta cikin daɗin rai ba.

A lura kuma da yadda maganar gyaɗa da yaji da sukari ta zo. Na san sarai cewa surukin namu yana da ciwon sukari, domin ƙanwata ta gaya mini, kuma saboda shi aka yi zoɓon da ba sukari. Amma ban dube shi ba lokacin da nake faɗa, ban kuma ce «wannan naku ne, Alhaji» ba. Ciwon mutum sirrinsa ne, kuma babu dattijon da yake so a sanar da lalurarsa a gaban 'ya'yansa da surukansa. Idan ka faɗi abin da yake cikin kowane kwano ga kowa da kowa, cikin murya ɗaya, mai lalura zai ɗauki abin da ya shafe shi ya yi shiru, sauran kuma ba za su san an yi da wani ba. 

Wurin da ya fi kowanne santsi shi ne ambaton waɗanda suka yi girki, kuma a nan ina ba da shawarar a yi taka-tsantsan ƙwarai. A jawabin da ke sama mutum ɗaya kawai na keɓe, wato mahaifiyarmu, domin babu wadda za ta yi kishi da ita a gidan, kuma miyar tata tana da alaƙa da baƙon da ya zo daga nesa. Sauran na haɗa su a godiya ɗaya. A gidan da yake da mata 2 ko fiye, ko matan 'yan'uwa da suke girki tare, idan maigida ya ce dambun wance ba a magana, sa'an nan ya wuce tuwon ɗayar da «ga tuwo» kawai, to ya kunna wutar da za ta kai wata Sallar tana ci. Ko dai ka ambaci kowace da abin da ta yi, da kalmomi masu nauyi ɗaya, ko kuma ka haɗa su duka. Kuma ba a kiran sunan mace tsirara a gaban iyaye da surukai, sai dai a ce uwargida, ko amarya, ko mutanen gida. Idan kuwa wani abincin daga waje aka sayo shi, kamar wainar da aka yi odar ta wurin mai yi a unguwa, ba dole ne ka faɗa ba, amma kada ka jingina shi ga wadda ba ita ta yi ba, domin yara sun ga lokacin da aka shigo da shi.

Labarin abinci yana ƙawata jawabi, amma ɗaya ya isa. Ka zaɓi kwano guda wanda yake da abin faɗa na gaskiya, kamar miyar da kaka take yi duk Sallah, ko burabuskon da amaryar da aka auro daga Borno ta fara yi wa dangin mijinta, ka ba shi jimla ɗaya ta ƙari. Idan kowane kwano ya sami tarihinsa, ka koma minti 10 ɗin da na fara da su.

Abokin aikina mutumin Ibadan ban keɓe shi a cikin jawabin ba, kuma da gangan na yi haka. Baƙon da ba Bahaushe ba, idan aka tsaya ana yi masa bayanin tuwo a gaban jama'a, kowa ya juyo yana kallonsa, sai ya ji kamar an sa shi a faifai. Abin da na yi shi ne na zaunar da shi kusa da ƙanina, na ce wa ƙanin nawa ya riƙa maimaita masa abin da nake faɗa a hankali, ya nuna masa cewa funkaso ana gutsura ne a dangwala a miya, dambu kuma ana iya ƙara masa ɗan mai da yaji. Da a ce baƙin da ba su jin Hausa suna da yawa, da na ƙara jimla 2 cikin harshen da suke ji bayan na gama, ba in fassara jawabin duka ba.

A yawancin gidajenmu mata a ciki suke cin nasu, don haka jawabi biyu ne ake yi ba ɗaya ba, kuma na cikin gida uwargida ce ko babbar 'ya take yin sa. Tsarin bai canza ba, sai dai ya fi gajarta kuma ya fi sakewa, domin yawancin masu sauraro sun san girkin. Yayarmu takan ce: «Hajiya, Gwaggo, Inna, sannunku da zuwa, Allah ya maimaita mana. Surukanmu, marhabin da ku. Ga farfesu nan da zafinsa, yana da yaji, masu shayarwa da masu juna biyu ga miyar kuɓewa ba yaji sosai. Na yara yana wancan tiren, an cire musu ƙashi. Bisimillanku.» Abin da ya kamata a kiyaye shi ne a fito da abincin ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya, domin idan aka tsaya sai maza sun gama jawabi da addu'a kafin a waiwayi mata, waɗanda suka dafa abincin su ne za su ci shi da sanyi.

Ko da ka shirya, wani lokaci magana takan ja ka, saboda haka ka san alamun da suke nuna ka wuce gona da iri. Na farko yara ne, za su fara motsi suna matsowa kusa da tire. Sai ka ga idanun manya sun bar fuskarka sun koma kan kuloli. Idan wani dattijo ya yi gyaran murya, ko ya ce «to, madalla» alhali ba ka kai ƙarshe ba, wannan ba yabo ba ne, sallama ce. Idan yaron da yake ɗaga murfi ya ɗaga ba ka ga tururi ba, ka makara. Duk lokacin da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka yi ƙoƙarin ƙarasa abin da ka tsara. Ka faɗi abin da yake da gyaɗa da abin da yake da sukari cikin jimla ɗaya, ka gode wa masu girki, ka miƙa wa malam. Idan kuma bayan ka rufe ka tuna ka manta da wani babba, kada ka sake buɗe jawabin. Ka tashi ka je inda yake, ka durƙusa, ka zuba masa abinci da hannunka kana yi masa sannu da zuwa, wannan ya fi ambaton suna a cikin taro.

Wani abin da yakan faru shi ne wani daga cikin baƙi, galibi kawu ko aminin uba, ya karɓe maganar da zarar ka yi shiru, ya fara nasa jawabin godiya. Ba za ka iya katse babba ba, amma kana iya rufe ƙofar tun kafin ya shigo, kuma shi ya sa jimlar ƙarshe take miƙa magana kai tsaye ga mai addu'a ba tare da barin sarari ba. Da an shafa, kai ne za ka fara cewa bisimilla da ƙarfi, yaro ya zagaya da buta da kwanon wanke hannu yana farawa daga babba, kai kuma ka buɗe kular farko ka zuba wa mahaifinka ko wanda ya fi kowa girma, domin babu wanda zai sa hannu kafin shi. Wanda yake da jawabin godiya zai samu lokacinsa idan an kawo goro.

Da zarar an fara ci, aikin bakinka ya ƙare, na idonka ya fara. Kada ka riƙa tambayar mutane ko ya yi daɗi, kada kuma ka tsaya a kan baƙo kana cewa ya ƙara, ya ƙara, har ya rasa yadda zai yi. Sau ɗaya ya isa, sa'an nan ka tura kwanon kusa da shi ka kau da kai. Surukai kuwa a ba su nasu tiren a ɗan gefe, ko a zaure idan akwai, domin mijin ƙanwata ba zai iya sakewa ya ci a gaban mahaifinmu ba, kuma mahaifinsa ma zai fi jin daɗin ci da 'ya'yansa da liman. A daren da nake ba da labari, bayan an shafa addu'a na ɗauki farfesu da waina da farin jug ɗin na kai musu zaure da kaina, na ce «Alhaji, bisimillanku, idan akwai abin da ake buƙata ga yaro nan a bakin ƙofa», na ja musu labule, na dawo tsakar gida na zauna a ƙarshen tabarma inda nake iya ganin kular da ta kusa ƙarewa.